Buhu na Ɗari da Arba'in da Bakwai

Mutanen Zuru da suka san Malam Maharazu yana tsoho, da Bahago suka san shi, kuma akasarinsu sun ɗauka haka aka haife shi. Ba haka aka haife shi ba. Da hannun dama ya koyi cin tuwo, da shi ya koyi rubutu, rubutun ma irin wanda ake kai wa yara su gani su ji kunyar nasu. Hannun yana nan a jikinsa har ya mutu, sai dai yatsu uku sun lanƙwashe cikin tafi, sun bushe, ba sa ko iya riƙe carbi. Wanda ya karya shi mutumin da ya sa shi makaranta ne, kuma tambaya guda a takardar jarrabawa ce ta haɗa su.

Uwarsa Kulu mai awo ce a kasuwa, mace mai kaifin baki da ba a taɓa cuta ta kwana da abin ba. In aka kawo mata buhun dawa ba ta kallon bakinsa. Takan naɗe zane, ta zura hannu har kafaɗa, ta damƙo ta can ƙasa ta watsa a faifai, mai hatsi na tsaye yana rantse-rantse ita ko tana hura ƙaiƙayi. Ubansa Mode ya mutu yana ƙarami. Aminin uban ne, Saje Lawwali, wanda suka je yaƙin Jamus tare ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki yaron ya kai shi elemantare, ya ɗinka masa riga, ya saya masa alƙalami ranar da aka ɗauke shi aikin malanta a ofis. Saboda haka Maharazu bai taɓa kiran sunansa ba. Baba Saje yake cewa, yana durƙushe.

A shekarun nan fara ta addabi ƙasar, ta zo bana ta dawo baɗi. Hukuma ta sa aka yi sito na ajiyar hatsi a gefen unguwar Rikoto, aka bi gida gida a ƙauyukan kan dutse ana karɓar dami, aka sussuke aka ɗure a buhu, da alkawarin in yunwa ta zo za a mayar wa masu shi. Littafi ya ce buhu ɗari huɗu ne. Makullin siton yana wuyan Saje Lawwali, littafin kuma yana hammatarsa. Wanda ya shirya abin haka, ya ba mutum ɗaya makulli da littafi a shekarar da kuɗin dawa ya ninka uku, ban san abin da yake tunani ba, kuma ba na jin ya yi tunanin komai.

Da kaka ta sake zuwa babu komai, Di'o, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya so ya san ko ya aika Yawuri a sayo ƙarin hatsi tun hanya na bushe. Sai aka tura Maharazu ya ƙirga siton ya kawo takarda. Yana da shekara ashirin da uku.

Ya tarar Saje ya riga ya shirya masa komai. An shimfiɗa tabarma a inuwa, an jere buhu goma a bakin ƙofa, an kwance bakunansu, dawa ja jawur tana walƙiya. Saje ya buɗe littafi ya nuna masa shiga da fita, duk da rubutunsa, duk sun daidaita. Ya kama hannunsa ya leƙa da shi ciki, ga buhuna jere har kusa da rufi. Maharazu yana riƙe da ƙarfen nan mai tsini da rami da ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki, amma sai ya ji ƙarfen ya yi masa nauyi. Yaya za ka soki buhun mutumin da ya rufa maka asiri, a gabansa, a gaban 'yan dakonsa? Ai ka ce masa ɓarawo ke nan ba tare da ka buɗe baki ba.

A nan wani ɗan dako mai furfura, Talle, wanda ya fi shekara ashirin buhu na hawa bayansa, ya yi magana ba a tambaye shi ba.

"Malam, na ƙurya ba su zama ga baya awa dawa. Dawa tana bin jiki. Waɗanga danne mutum su kai."

Saje ya juyo kansa. Ya zaro bulalar dorina daga ɗamararsa, ya zuba wa Talle a fuska. Fatar kumatu ta tsage nan take. Talle ya faɗi, Saje ya take masa wuya da takalmin soja ya ci gaba da zabga masa a gadon baya, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda ake yi a bariki, har goma sha biyu. Jini ya fantsama a buhun da ke kusa, sauran 'yan dako suka juya baya. Da ya gama sai ya goge bulalar a cinyarsa, ya juyo da murmushi.

"Mashayi na, ɗana. Burkutu ka magana. Sa hannu ka tahi, rana ta yi."

Maharazu ya sa hannu. Ya rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa cewa ya ƙirga ya duba, buhu ɗari huɗu na dawa suna nan lafiya. Di'o ya karanta, ya fasa aikawa Yawuri. Abin da ya faru ke nan a watan sanyi, kuma Maharazu ya yi ta ƙoƙarin mantawa har ya kusa yin nasara.

Wata biyu bayan haka, zafi ya kai inda ya kai, mutanen kan dutse sun fara cin ganye, sai ga Baturen odita ya iso daga hedkwatar lardi. Siriri ne, mai tari, da koriyar tawada yake duba littattafai, don haka kafin ya kwana biyu sunansa ya koma Mai Kore. Ya ce yana neman malami guda da zai riƙa zagaya sito-sito yana bincike, kuma ba zai ɗauki ɗan kowa don ubansa ba, jarrabawa za a yi. Malamai shida suka zauna ranar da safe a barandar ofis, kowa da tebur da takarda. Tambaya ta ɗaya tarawa ce, ta biyu gyaran shafin littafi. Maharazu ya gama su kafin na kusa da shi ya gama goge gumi. Sai ya juya takarda ya karanta ta uku.

An aike ka duba sito. Littafi ya ce akwai kaya kaza. Mai sito ya nuna maka littafinsa, ya kawo maka buhu goma, duka cike, ya kuma rantse sauran haka suke. Ba ka da lokacin buɗe kowane buhu. Wace shaida ce a hannunka, kuma mene ne ƙarfinta? Me zai sa ka fi jin tsoron lissafin wannan sito ba daidai yake ba? Buhu nawa za ka gwada, yaya za ka zaɓe su? Kuskure nawa ne ya kai a ce babba ne?

Mai Kore bai san komai game da siton Rikoto ba. Tambaya ce da yake yawo da ita gari gari. Amma Maharazu ya ji kamar an kira sunansa a tsakiyar kasuwa. Ya ga jinin Talle a jikin buhu ƙarara. Ya daɗe yana kallon takardar, har Mai Kore ya ɗago ya dube shi. Sannan ya tsoma alƙalamin da Saje ya saya masa a tawada, ya fara.

Ya rubuta cewa rantsuwar mai sito ita ce mafi raunin shaida, don bakin wanda ake bincika ne. Littafin ma bai fi ta da yawa ba, tunda hannun da ya riƙe makulli shi ya rubuta shi, in ya ɗebi kaya zai iya gyara shafi. Abin da ya fi su shi ne shaidar da ta fito daga waje, kamar takardun da masu unguwanni suka karɓa ranar da suka kawo hatsi, da bakin masu jakai da 'yan dako. Amma takardun nan abin da ya shiga kawai suke nunawa, ba abin da ya rage ba. Wanda ya fi duka shi ne abin da mai bincike ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa. Buhu goman nan kuwa, ya rubuta, shaida ce a kan buhu goma kaɗai, domin mai sito ne ya zaɓe su, ba za su faɗi komai game da sauran ba.

Kan abin tsoro ya rubuta cewa hatsi kaya ne mai sauƙin ɗauka da sayarwa, kuma a shekarar yunwa kwaɗayinsa ya fi yawa. In mutum ɗaya ne ke da makulli da littafi, in ya san ranar da za a zo ƙirga, in wani ya yi ƙorafi aka rufe masa baki, to tsoro ya ƙaru, kuma gwargwadon tsoro gwargwadon yawan abin da za a gwada. A shekara mai albarka, da makulli a hannun mutum biyu, buhu ashirin cikin ɗari huɗu za su iya isa. A irin wannan hali ba zai yarda da ƙasa da arba'in ba. Zai ba kowane buhu lamba tun daga ƙofa har ƙurya, ya jefa ƙuri'a tsakanin ɗaya da goma don ya sami na farawa, daga nan ya riƙa ɗaukar kowane na goma, ko yana ƙasan tuli sai an rushe an ciro shi. Ba a sokar baki, ciki da gindi ake soka. In ya sami ɓatacce ba zai ce tsautsayi ne ba, zai auna abin da ya samu a kan duka siton, in ya yi yawa a buɗe kowane buhu.

Na ƙarshen ne ya fi yi masa wuya. Ya rubuta cewa ba a auna girman kuskure da yawansa kaɗai. Buhu biyu da ɓera ya ci ba za su canja komai ba. Babban kuskure shi ne wanda, da mai karanta takardar ya san shi, da ya yanke wata shawara dabam. Ya tsaya. Ya san sarai shawarar da aka yanke da tasa takardar. Lokaci ya kusa cika, sauran malamai sun fara miƙa nasu, sai ya sunkuya ya ƙara layi uku a ƙasa: wannan ba tambaya ba ce a wurina, abin da na aikata ne a siton Rikoto wata biyu da suka wuce, ban soki ko buhu ɗaya ba, kuma saboda takardata aka fasa sayen hatsi.

Da la'asar ya sami uwarsa tana kakkaɓe kwanon awo, ba abin da za ta auna. Ya faɗa mata duka, yana sa ran ko za ta ce Allah ya kyauta. Kulu ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Kai ɗan mai awo, anka nuna maka bakin buhu kas sa hannu?"

"Inna, Baba Saje na. Kunya ta ta hana ni."

"Kunya!" Ta wurga masa kwanon, ya same shi a goshi. "Ka ji kunyar mutum guda mai ƙoshi, ba ka ji ta mutum dubu masu yunwa ba? Shi yas sa ka makaranta, na sani, ni ma ina durƙusa mishi. Amma dawag ga ba tashi ta ba, ba taka ta ba. In gobe sun ce ka tahi, ka tahi, ka zura hannu har kahwaɗa."

Washegari da sassafe Mai Kore ya kira shi. Takardar na kan tebur, koriyar tawada ta bi ta layi layi. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma yabe shi ba. Da Hausarsa ta littafi ya ce saura kwana kaɗan ruwa ya sauka, in gulabe suka cika jaki ba zai ƙetare ba, don haka in siton wofi ne yau za a sani, yau manzo zai tashi zuwa Yawuri. Ya ce kada a gaya wa kowa. Suka ɗauki 'yan doka huɗu suka nufi Rikoto a ƙafa.

Ranar kasuwa ce, kuma tun kwanaki mutanen kan dutse suke zuwa su zauna a gindin itatuwan da ke kewaye da siton, don an ce rabo ya kusa. Maza da fartanya a kafaɗa, mata da kwanduna wofi, tsofaffi da haƙarƙari a waje. Hatsinsu ne a ciki, sun san ko dami nawa kowa ya bayar. Da suka ga Bature suka miƙe suka matso.

Saje Lawwali ya fito ya ƙame ya sara. Da ya ga Maharazu riƙe da ƙarfen soka buhu da alli, fuskarsa ba ta canja ba, idon ne kawai ya yi ja.

"Ɗana, mi kaz zo yi? Ba ka ƙirga ba?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Ka yi haƙuri."

Aka rubuta ɗaya zuwa goma a guntayen takarda aka zuba a hular ɗan doka, Mai Kore ya rufe ido ya zaro bakwai. Saje ya ce 'yan dako su fito da na bakin ƙofa a gani. Maharazu ya ce a'a, shi zai nuna, kuma arba'in zai soka. Ya fara bin buhuna da alli yana ba su lamba yadda suke a jere, 'yan dako na sauke tuli ɗaya bayan ɗaya, Talle a cikinsu da tabon bulala daga kunne zuwa haɓa. Na bakwai, ya soka a ciki da gindi, dawa ta zubo. Na goma sha bakwai, dawa. Na ashirin da bakwai, dawa. Har na casa'in da bakwai, buhu goma cif, dawa ce mai kyau.

Saje ya fara dariya yana juyawa ga taro. "Ku gani! Yaron da nir rena, yau shi ka soka mini ciki gaban Nasara. To ga shi nan, goma. Ya isa ko?"

Maharazu kansa ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ya so ƙwarai abin ya zama haka, ya durƙusa ya nemi gafara a sha kunya a wuce. Ya dubi Mai Kore. Baturen tari kawai ya yi. Sai Maharazu ya tuna duka goman nan daga kwata ɗaya na siton suka fito, na kusa da ƙofa, inda kowa zai fara leƙawa.

"Arba'in nic ce, Baba. Saura talatin."

Ɗari da bakwai, dawa. Haka har ɗari da talatin da bakwai. Yanzu an shiga tsakiyar siton inda haske bai kai sosai ba. Talle ne ya ciro na ɗari da arba'in da bakwai daga ƙasan tuli, ya fito da shi bakin ƙofa a bayansa, ya sauke shi a gaban kowa, ya ja da baya. Maharazu ya soka. Ƙarfen ya yi wata ƙara da dawa ba ta yi. Abin da ya biyo ramin yashi ne da ƙaiƙayi. Ya ajiye ƙarfen, ya kwance bakin buhun, ga dawa a sama tafi biyu ko uku. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa yadda ya ga uwarsa na yi, ya damƙo yashin gulbi ya buɗe tafinsa a kan dakalin sikeli don Mai Kore ya gani.

A nan Saje ya ɗauki dutsen sikeli, na ƙarfe, wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi, ya sauke shi a kan hannun.

Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ta fi ihun fitowa. Maharazu ya ga yatsunsa sun baje cikin yashi da jini, ƙashi fari ya leƙo, bai ma ji zafin ba sai da Saje ya sake ɗagawa ya sake saukewa. "Hannun da nik koya ma rubutu!" yake faɗi, kumfa a bakinsa. Ɗan doka ɗaya ya kama shi, Saje ya make shi da gwiwar hannu ya zubar masa da haƙora biyu. Ya zaro bulala ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa ta, kamar yana da sauran abin karewa.

Taron bai ji abin da ake faɗi ba, amma ya ga yashi. Wata mata ta saki kururuwa, shi ke nan. Suka taso gaba ɗaya, suka ture 'yan doka, suka tattake Mai Kore har gilashin idonsa ya fashe. Bulalar Saje ta tsaga goshin na farko da na biyu, na uku bai bari ta sauka ba. Talle ne ya sami Saje da ƙotar fartanya a muƙamuƙi. Ya faɗi a kan gwiwa, samarin kan dutse da suka saba kokawa da noman gayya suka rufe shi da sanduna da duwatsu, har ba a ganin komai sai hannuwa na tashi suna sauka. Wasu suka kutsa cikin sito suna farke buhuna da wuƙa, kowane suka farke a ƙurya yashi ne, kowane yashi yana ƙara musu hauka. Da 'yan doka suka samu suka jawo Saje, fuskarsa ba ta ganuwa. Ya kwana biyu yana numfashi, sannan ya cika.

Maharazu ma bai tsira ba. Yana jingine da bango yana rungume da hannun sai wata mata mai suna Adama, wadda ta kwana shida a gindin itace da goyo, ta tsaya a kansa. Ta san shi, tana nan ranar da aka yi shelar cewa malami ya ƙirga hatsi yana nan. Da 'yar Hausar da take ji ta ce, "Kai ne ka ce akwai." Ta tofa masa yawu, ta kwaɗa masa kwandon a fuska, wasu suka biyo da ƙafa. Bai kare kansa ba. Talle, wanda aka yi wa bulala a gabansa bai hana ba, shi ya kwanta a kansa ya karɓi sauran dukan.

Da ƙura ta lafa aka ɗaure masa hannun da rawani, Mai Kore ya ce a kai shi wurin mai ɗori. Ya ƙi. Ya ce ya rubuta arba'in, kuma manzo ba zai tashi da zato ba. Da hagu ya riƙe ƙarfen, Talle na ciro buhuna, waɗanda aka farke ma aka bi su a inda suke. Ya suma sau ɗaya aka yayyafa masa ruwa. Cikin arba'in, ashirin da shida yashi ne. Ya ce ke nan wajen ɗari biyu da sittin cikin ɗari huɗu, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, Mai Kore ya rubuta da tawadarsa, kafin azahar mahayi ya kama hanyar Yawuri. Da aka buɗe kowane buhu daga baya, ɗari biyu da hamsin da uku aka samu.

Amma ruwa bai jira kowa ba. Kwana tara bayan haka aka yi na farko, mai ƙarfi, gulabe suka kawo. Ayarin jakai na farko ya ƙetare, na biyu ya yi kwana ashirin a waccan gaɓa yana jiran ruwa ya janye. Abin da ya rage a sito aka raba, ya ƙare tun shuka ba ta kai gwiwa ba. Da an aika tun watan sanyi, da hatsin yana Zuru tun kafin a fara cin ganye, wannan kowa ya sani, Maharazu ya fi kowa sani.

An ba shi aikin. Wasu sun yi gunaguni, suna cewa wanda ya sa hannu a kan ƙarya ne aka ɗaukaka, kuma ba su yi ƙarya ba. Mai Kore ya ce shi ya fi son wanda ya riga ya san abin da sa hannu ke jawowa. Wata shida Maharazu ya yi yana koyon rubutu da hagu, rubutun bai taɓa yin kyau ba har ya tsufa. Shekara ashirin da bakwai yana zagaya sito-sito daga Zuru zuwa Ribah, a kan doki, daga baya a kan keke, ba ya faɗin ranar zuwansa, ba ya zama a tabarmar mai sito, ba ya shan ruwan gidansa sai an gama. Masu sito sun tsane shi ƙwarai, suna ce masa marar kunya. Ya biya wa 'ya'yan Saje kuɗin makaranta har suka gama, ba su taɓa gaishe shi ba, bai kuma taɓa sa ran za su yi ba. Talle kuwa a gidan Maharazu ya ƙare rayuwarsa.

Abu ɗaya ya yi da ba wanda ya sa shi. Kakar da ta biyo bayan yunwar, hannu na rataye a wuya, ya hau duwatsun nan ya bi ƙauyukan da suka zuba hatsi a siton, yana tambayar wa ya mutu tsakanin ƙarewar rabo da isowar jakai. Wannan karon bai ɗauki ɗaya cikin goma ba, kowane gida ya shiga. Mutum talatin da ɗaya ya samu, har da goyon Adama. Ya rubuta sunayensu da karkataccen rubutunsa na hagu a bayan takardar jarrabawar, wadda gabanta ke ɗauke da abu na ƙarshe da hannun damansa ya rubuta da alƙalami.

Da ya tsufa, sababbin malamai kan zo gaishe shi, kuma ba a rasa mai tausayi a cikinsu. Wata rana wani ya dubi busasshen hannun ya ce lallai Saje Lawwali azzalumi ne, Allah ya isa. Malam Maharazu ya juya hannun a cinyarsa yana dubawa, kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Ba karyawar ta ka yi min ciwo ba," ya ce. "Jinkiri yay yi. Da ya karya shi wata biyu kahin nan, tun bai sa hannu ba, da mutum talatin da ɗaya na nan."